Babi na Bakwai: Tsarin da Ka Biya, Hoton da Kake Gani da Datar da Ke Tafiya

Me ya sa mutum biyu za su kalli fim ɗaya, a manhaja ɗaya, a dare ɗaya, ɗayan ya wayi gari da sauran datarsa, ɗayan kuma tasa ta ƙare tun kafin a kai tsakiyar fim? Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin kallo a intanet ya yi wannan tambaya, ko kuma ƙanwarta: na biya tsari mafi tsada, to me ya sa hoton bai fi na maƙwabcina da ya biya mai araha kyau ba? Amsar da aka saba bayarwa ita ce kamfanin layi ne ke zuƙe data. Ana iya samun hakan, amma mafi yawan lokuta lissafin yana nan a fili, a cikin tsarin da mutum ya zaɓa da hannunsa ranar da ya yi rajista.

Zan bi maganar ta kan Netflix, saboda shi ne ya fi fito da alaƙar farashi da ingancin hoto ƙarara, kuma ya wallafa alƙaluman datar da kowane mataki ke ci. Wanda ya gane nasa zai gane na saura.

Lambobin da ke gaban harafin p

Hoton da ke kan allon waya ko talabijin tarin ɗige-ɗige ne ƙanana masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Ka ɗauki hular da aka yi wa aikin hannu. Idan mai ɗinki ya yi sarin allurarsa manya-manya, daga nesa za ka ga zane, amma da ka matso sai ka ga gefen zanen yana hawa da sauka. Idan sarin ƙanana ne kuma a cushe, zanen zai fito sumul ko da ka kawo hular kusa da ido, sai dai ta ci zare da yawa. Haka hoton bidiyo yake. Yawan fiksel shi ke fito da gashin gira da saƙar yadin da ɗan wasa ya sa, kuma kowane fiksel sai an turo bayaninsa ta intanet.

Lambar da ake rubutawa, 480p ko 720p ko 1080p, tana ƙirga layukan fiksel daga saman hoto zuwa ƙasa. Hoton 480p mai faɗi yana da fiksel wajen dubu 410. Na 720p yana da 1280 a kwance da 720 a tsaye, wato dubu 921 da ɗoriya. Na 1080p yana da 1920 da 1080, ya haura miliyan 2 kaɗan. Shi kuwa 4K, wanda wasu manhajoji ke rubuta wa 2160p ko Ultra HD, yana da 3840 da 2160, kusan miliyan 8.3.

A nan ne ido ke ruɗin mutum. Daga 1080 zuwa 2160 kamar ninki biyu ne, amma da yake tsawo da faɗi duka aka ninka, fiksel ɗin sun ninka sau huɗu. Daga 480p zuwa 4K kuwa ninkin ya kai ashirin.

Abin da kowane tsari ke buɗewa

Netflix ya shigo Nijeriya a watan Janairun 2016, lokacin da ya buɗe a ƙasashe 130 a rana guda. Tsare-tsarensa a nan guda huɗu ne, kuma sunayensu kamar yadda za ka gan su a allo su ne Mobile, Basic, Standard da Premium. Mobile yana tsayawa a 480p, kuma a waya ko tabilet kaɗai yake aiki, na'ura ɗaya a lokaci ɗaya. Basic yana kaiwa 720p, yana buɗewa a talabijin da kwamfuta, amma shi ma mutum ɗaya ne zai kalla a lokaci guda. Standard ya kai 1080p da na'ura biyu. Premium shi ne mai 4K, da ƙarin zurfin haske da launi da ake rubuta wa HDR, da na'ura huɗu. Bayan ƙarin farashin da aka yi a tsakiyar 2025, kuɗinsu a wata ya zama naira 2,500 da 4,000 da 6,500 da 8,500 bi da bi. Farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka a duba na yau kafin a yi lissafi.

Fina-finan da ke ciki iri ɗaya ne a duka huɗun. Mai Mobile ba a ɓoye masa wani shiri da mai Premium ke gani ba. Abin da ake sayarwa a kowane mataki shi ne iyakar ingancin hoto da yawan masu kallo tare.

Kalmar da za a riƙe ita ce iyaka. Idan aka ce Standard yana da 1080p, ma'anarsa ba za a bar ka ka wuce nan ba. Ba a yi maka alkawarin kullum za ka kai can ba. Kuma wurin da aka ja iyakar shawara ce ta kasuwa, ba wani tilas na fasaha ba. Shekaru da dama Basic a 480p yake, sai a watan Nuwamban 2022 kamfanin ya ɗaga shi zuwa 720p ga kowa. A ƙasashen da ke da tsari mai talla, shi ma da 720p ya fara, aka mayar da shi 1080p a 2023. Babu abin da ya canza a na'urorin masu kallo a waɗannan ranaku, kamfani ne ya ga dacewar matsar da layin.

YouTube, inda mafi yawan masu kallon Labarina da Izzar So suke, ya bi wata hanyar. Can ba a kulle 1080p ko 4K da kuɗi ba, duk ingancin da mai tasha ya ɗora kowa zai iya zaɓa. Shi ya sa mutumin da bai taɓa biyan kuɗin kallo ko sisi ba zai iya ƙona data fiye da mai Netflix Mobile, idan ya taɓa lamba mafi girma ya manta bai mayar ba.

Nauyin bidiyo shi ke cin data

Kamfanin layinka bai san 720p ko 1080p ba. Abin da yake ƙirgawa shi ne yawan bayanin da ya ratsa layinka. Don haka ma'aunin da ya shafi aljihu shi ne yawan datar da bidiyo ke jawowa a kowace daƙiƙa. Bari mu kira shi nauyin bidiyo. Ana auna shi da megabit a daƙiƙa, abin da manhajojin gwajin gudun intanet ke rubutawa Mbps.

Lissafinsa ba wuya. Megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya, awa ɗaya kuma daƙiƙa 3,600 ce. Idan ka raba 3,600 gida takwas ka sami 450. Ke nan duk bidiyon da nauyinsa megabit 1 ne a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. Mai nauyin 3 zai ci gigabait 1.35. Mai nauyin 15 zai ci kusan gigabait 7. Wanda ya riƙe 450 ɗin nan ba ya buƙatar wani jadawali.

Netflix da kansa ya bayar da ƙiyasi a kan matakan da ke cikin saitinsa. Low yana cin har gigabait 0.3 a awa. Medium har 0.7. High kuwa ya danganta da hoton da ake turowa: har gigabait 1 ga ƙaramin hoto irin na 480p, har 3 ga manyan hotuna irin na 1080p, har 7 ga 4K. Duk alƙaluman da "har" suka fara, domin nauyi ba ya tsayawa a lamba ɗaya ko da matakin hoto bai canza ba.

Dalili shi ne ba a turo bidiyo ɗanyensa, sai an matse shi. Manhajar da ke matsewa tana duba hoto da wanda ya biyo bayansa, ta turo abin da ya canza kawai. Idan mutum biyu na zaune a falo suna magana, bango bai motsa ba, kujera ba ta motsa ba, leɓe da ido ne kawai ke aiki, to bayanin da za a turo kaɗan ne. Amma a wasan ƙwallo, ko hawan daba da ƙura ta tashi, ko ruwan sama da ke zuba a kan ganye, kusan kowane fiksel canzawa yake yi. Tun ƙarshen 2015 Netflix ya daina matse dukkan fina-finai da ma'auni guda, ya koma auna kowane da irin wuyarsa. Zanen yara mai launuka shimfiɗaɗɗu zai iya fitowa tas a 1080p da nauyin da ba zai ishi fim ɗin yaƙi ba ko a 720p. Hanyoyin matsewar ma suna sabuntawa. A 2020 kamfanin ya fara amfani da wata mai suna AV1 a wayoyin Android, ya ce ta fi wadda ta gabace ta rage nauyi da kashi 20 cikin ɗari.

Akwai wani abin da ya faru da ke nuna cewa lambar hoto daban, nauyi daban. A watan Maris na 2020, da kullen korona ya tara mutanen Turai a gida, kwamishinan Tarayyar Turai Thierry Breton ya nemi kamfanonin bidiyo su sassauta wa layukan intanet. Netflix ya amince ya rage datar da yake turawa a nahiyar da kusan kashi 25 cikin ɗari na tsawon kwana 30. Bai sauke kowa daga matakinsa ba. Mai 4K ya ci gaba da samun 4K, mai 1080p ya ci gaba da samun 1080p, nauyin kawai aka rage. Masu ido sun lura, musamman a wuraren duhu inda hoton ke yin dabbare-dabbare, amma lambar da ke allo ba ta canza ba.

Manhaja na canza mataki ba ta tambaye ka ba

Kowane fim an ajiye shi a matakai da yawa, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, kuma an yayyanka kowane mataki gutsi-gutsi na 'yan daƙiƙu. Idan ka danna kallo, manhaja tana fara ɗauko guntu mai sauƙi don kada ka jira, tana auna saurin da ya iso, sannan ta nemi na gaba daga mataki mafi girma da layinka zai iya ɗauka. Shi ya sa fim kan fara da dishi-dishi, bayan ɗan lokaci ya washe. Idan netwok ya yi rauni sai ta sauko, idan ya dawo ta hau. Tana ci gaba da hawa har sai ta ci karo da iyakar tsarinka.

Sakamakon wannan yakan ba mutane mamaki: gyaruwar netwok tana ƙara cin data. Mutumin da ke unguwar da layi ke jan ƙafa zai iya shekara yana biyan Standard alhali 480p yake kallo, datarsa tana kai masa wata. Ranar da aka kafa sabon turken sadarwa kusa da gidansa, ko ya sayi waya mai 5G, manhaja za ta samu hanya ta haye 1080p, datar da ke kai shi wata ta ƙare a mako guda. Zai ce sabon netwok ɗin ɓarawo ne, alhali abin da ya daɗe yana biya ne aka fara kawo masa cikakke.

Gudun da Netflix ke ba da shawara shi ne megabit 3 a daƙiƙa don 720p, 5 don 1080p, 15 don 4K. Gudun da ake nufi shi ne wanda zai tsaya daram tsawon fim, har da ƙarfe tara na dare lokacin da duk unguwa ke kan layi, ba wanda aka gwada da asuba ba. Shafin fast.com na kamfanin ne, kuma yana nuna gudun layinka cikin daƙiƙu. Shi ma gwajin yana cin data, kada a mayar da shi abin wasa.

Na'urar ma tana da tata iyakar

Ko tsari ya buɗe, layi ya ɗauka, sai allon ya iya nunawa. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da suka cika kasuwanninmu, da yawa daga cikin ƙananan Tecno da itel da Infinix, allonsu layin fiksel 720 ne a gajeren gefe. Talabijin mai inci 32 da yawa 1366 da 768 ne, ko da an manna masa takarda mai manyan haruffa. A irin waɗannan, abin da ya wuce Basic ba zai ƙara wa ido komai ba.

Akwai wata iyakar da ba a gani a jikin kwali. Wayoyin Android suna da wani makulli na kare fina-finai daga sata mai suna Widevine. Wayar da ke da matakin L1 ana ba ta babban hoto. Wadda ke da L3 kaɗai, ƙaramin hoto za a turo mata ko da mai ita Premium ya biya. Ana dubawa a cikin manhajar Netflix, a App Settings, sai Playback Specification, inda za a ga matakin makullin da mafi girman hoton da wayar za ta samu. Idan ka ga SD a wurin, wato ƙaramin hoto, to magana ta ƙare, ƙarin kuɗi ba zai canza ta ba. A gefen talabijin kuma, idan ta wata 'yar na'ura ake jona shi, 4K yana buƙatar ramin HDMI mai HDCP 2.2, kuma a wasu talabijin ba kowane rami ke da shi ba.

Sai nisan zama. Ma'aunin da masu harkar talabijin ke amfani da shi shi ne, ido mai lafiya yana cin moriyar 1080p idan nisansa da allo bai wuce tsayin allon sau uku da ɗan ɗori ba, 4K kuwa rabin haka. Allo mai inci 43 tsayinsa wajen santimita 53 ne. Ke nan sai ka zauna cikin mita ɗaya da rabi ko kusa da haka kafin ka ga duk abin da 1080p ya ƙunsa, kuma sai ka matso ƙasa da mita ɗaya kafin ka ƙure 4K. A falon da kujeru ke jikin bango, mita uku daga talabijin, ƙarin fiksel miliyan shida ɗin nan ba sa isowa ido. HDR daban ne, shi ana iya ganinsa daga nesa, amma sai talabijin mai hasken da zai iya fito da shi.

Kuma ba kowane fim ne aka ajiye a 4K ba. Shafin kowane fim yana ɗauke da alamar mafi girman matakin da za ka samu, ko HD ko 4K.

Lissafin wani gida

Mu ɗauki misalin gida mai talabijin inci 43 na 4K, wanda ke samun intanet daga 'yar na'urar MiFi da ake sa wa layi. Suna kallon awa biyu kowane dare, wato awa 60 a wata. Farashin data ya bambanta da kamfani da girman abin da aka saya, kuma ya tashi bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, don haka mu ƙaddara naira 300 kan kowane gigabait don sauƙin lissafi. Kowa ya sa nasa farashin a gurbin.

Idan suna kan Premium, layin kuma yana da ƙarfi, kuma fina-finan 4K suke kallo, awa 60 sau gigabait 7 ya kai 420. Kuɗin data naira 126,000, a kan tsarin da kuɗinsa 8,500 ne. Idan Standard ne, awa 60 sau 3 ya ba da gigabait 180, naira 54,000. Idan Basic ne, mu yi aiki da megabit 3 a daƙiƙa, wato gigabait 1.35 a awa: gigabait 81, naira 24,300. Idan kuma suka sa saitin Medium a kowane tsari, 0.7 sau 60 ya zama gigabait 42, naira 12,600.

Waɗannan alƙaluma na ƙololuwa ne, abin da za a gani a zahiri yakan yi ƙasa da haka. Amma ko an raba su biyu, siffar lissafin ba ta canzawa. Tsakanin Standard da Premium naira 2,000 ce a takardar Netflix, a wajen mai sayar da data kuwa tazarar dubbai goma-goma ce. An gina waɗannan matakan ne da tunanin gidajen Amurka da Turai, inda intanet ɗin gida kuɗin wata ake biya a sha iya sha. A can ƙarin ingancin hoto ba ya ƙara wa mai kallo ko kwabo bayan kuɗin tsari. A wurin da ake sayen data da awo, zaɓen tsari zaɓen kuɗin data ne, kuma shafin rajista ba ya faɗa maka haka.

Abin da na fi ganin rashin dacewarsa shi ne ɗaure yawan na'ura da ingancin hoto a ƙulli ɗaya. Gidan da ke da mutum huɗu masu son kallo a lokaci guda, kowa a wayarsa, dole Premium za su biya, ko da babu mai buƙatar 4K a cikinsu. Da sun biya kuwa an ɗage iyakar ga kowa, har da talabijin ɗin falo. Idan huɗun suna kan MiFi ɗaya, kowace na'ura tata datar take ja daban, lissafin sai ya taru a kan layi guda.

Ga gidan misalinmu, ni Basic zan zaɓa idan allo ɗaya ya ishe su. Daga mita uku, 720p a inci 43 hoto ne mai kyau. Idan dole sai na'ura biyu ko huɗu, a biya babban tsarin saboda yawan allo, sannan a ja masa linzami daga saiti.

Inda ake rage cin

Wuri biyu ne, kuma rikita su shi ke jawo asara.

Na farko yana cikin asusunka idan ka shiga ta burauza. A ƙarƙashin kowane suna akwai Playback settings, inda za ka ga Auto, Low, Medium da High. Auto shi ne wanda ake samu tun farko, kuma shi ne ke hawa iya ƙarfin layi. Saitin na kowane suna daban ne, ba na asusun gaba ɗaya ba. Idan maigida ya mayar da nasa Medium ya bar na yara a Auto, talabijin zai ci gaba da shan data duk sanda aka shiga da sunan yara. Kamfanin ya ce canjin kan iya ɗaukar har awa takwas kafin ya kama. A wannan shafin ne kuma ake kashe tallan fim da ke kunna kansa yayin da kake neman abin kallo, da wucewa kashi na gaba kai tsaye, wanda ke ci gaba da jan data bayan barci ya ɗauke mai kallo.

Na biyu yana cikin manhajar waya, a App Settings, ƙarƙashin Cellular Data Usage. Automatic yana ba da wajen awa huɗu a gigabait ɗaya. Save Data yana ba da wajen awa shida. Maximum Data zai iya cinye gigabait ɗaya cikin minti 20. Wi-Fi Only yana hana kallo da datar layi sam. Awa 60 ɗin nan ta gidan misalinmu, idan a waya aka kalle ta da Save Data, gigabait 10 ce kacal, kuma a allo mai inci shida ba za a ce hoton ya munana ba. Wannan ya sa tsarin Mobile, da wasu ke yi wa kallon na marasa hali, ya fi sauran dacewa da wanda waya ce talabijin ɗinsa.

Tarkon yana nan: saitin na biyu yana aiki ne kawai idan wayar da layin da ke cikinta take kallo. Da zarar ka jona ta da MiFi, ko ka kunna Hotspot a wata wayar ka ba talabijin, manhaja Wi-Fi take gani, kuma a wurinta Wi-Fi ba shi da awo. Sai ta ajiye Save Data gefe ta hau iya hawanta, alhali datar daga katin da ka saya take fita. A irin wannan hali saitin farko ne kaɗai ke kare ka.

A YouTube, ana taɓa alamar saiti a kan bidiyon, a shiga Quality. Lambar da ka zaɓa a nan ta wannan bidiyon ce kawai. Mai son ta ɗore sai ya shiga Video quality preferences a saitin manhajar ya zaɓi Data saver, na layi daban, na Wi-Fi daban.

Gwajin minti ashirin

Alƙaluman kamfani ƙiyasi ne, naka gidan shi ke da amsa. Ka rufe sauran manhajoji, ka cire sauran na'urori daga MiFi, ka danna *323# ka rubuta ragowar datarka. Wannan lambar ɗaya ce a dukkan layukan Nijeriya tun da aka haɗe lambobin a 2023. Ka kalli fim minti 20, ka ɗan jira, ka sake dubawa, ka ninka bambancin sau uku. Abin da ya fito shi ne cin awa ɗaya, da ɗan ƙari kaɗan saboda manhaja kan ɗebo gaba ta ajiye.

Idan ka sami wajen megabait 250 zuwa 700, galibi ƙaramin hoto kake kallo, ko wane tsari ka biya. Idan kana kan Standard ko Premium ka ga haka alhali ba kai ka rage ba, to ko layi ne bai kai ba, ko na'ura ce ta tsaya, kuma kuɗin da kake ƙarawa kowane wata ba ya sayo maka hoto. Idan ka sami gigabait 2 zuwa 3, kana kan 1080p. Abin da ya haura 4 kuwa 4K ne. Mai kallo a kwamfuta zai iya ganin lambobin kai tsaye idan ya danna Ctrl+Alt+Shift+D yayin da fim ke tafiya, a YouTube kuma akwai Stats for nerds.

Wanda gwajin ya nuna masa ya kamata ya sauka, ya sani cewa hawa tsari nan take yake kamawa, sauka kuwa sai ranar biya ta gaba. Kafin ranar ta zo, saitin Medium zai riƙe masa datar.

Duk wannan lissafi na kallo kai tsaye ne, inda kowace daƙiƙa ake jawo ta a lokacin da ake ganinta, kuma idan yara suka maimaita zane ɗaya sau biyar an biya shi sau biyar. Akwai hanyar da ake biya sau ɗaya: a sauke fim a ajiye a waya, da datar dare mai araha ko a inda ake da Wi-Fi. Ita ma tana da matakan inganci nata, da adadin na'urorin da kowane tsari ya yarda a sauke a kansu, da wa'adin da fim ke yi kafin ya kulle kansa. Babi na gaba a kanta zai tsaya.